Faɗi abin da idonka ya gani, bar wa likita sunan ciwon

"Salam 'yan uwa. Jiya a Aboabo wani yaro ya faɗo daga pragya, na raka shi asibiti, na ce wa nas hannunsa ya karye. Ta ce wa ya gaya mini? To da yaya zan faɗa?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah Ya saka maka da alheri. Nas ɗin ba gwale ka ta yi ba. Karaya da targaɗe da gocewar ƙashi duk suna kawo kumburi da zafi, sau da yawa sai an ɗauki hoto ake bambance su. Abin da ma ya fi damuna shi ne kalmar "targaɗe ne kawai". Da iyaye sun ji ta daga bakinka sai su wuce wurin mai ɗori, a murza, a ja, alhali ƙila ƙashi ya tsage.

Ga yadda bayanin zai kasance: "Da ƙarfe 4:20 ya faɗo, pragyan na tafiya a hankali, ya dafa ƙasa da tafin hannun dama. Wuyan hannun ya kumbura ta ɓangaren babban yatsa, ya ɗan karkace in aka gwada da na hagu. Fatar ba ta fashe ba. Yana motsa yatsu amma ya kasa dunƙule hannu. Na tallafe hannun da kwali da ɗankwali, ban ba shi magani ba." Dama da hagun nan na yaron ne, ba naka ba, mutum in yana fuskantar majiyyaci nan yake yawan rikicewa.

Raba abin da ka gani da abin da aka gaya maka. "Ya ce yatsunsa sun mutu" ya fi "jijiya ta tsinke". Danna farcensa har ya yi fari, ka saki. In ja bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, ko yatsun sun fi na ɗaya hannun sanyi, wannan shi za ka fara faɗa.

Jini kuwa, "ya zubar da yawa" ba ya auna komai, don kaɗan ma kan cika riga. Ce tsartuwa yake ko tsatsafowa, tsumma nawa ya jiƙe, ya tsaya ko bai tsaya ba bayan ka danne minti 10. Girman raunin gwada shi da kwabon sidi ɗaya ko gaɓar yatsa. Kar ka tona don ganin zurfi.

In kai ya bugu, kar ka tsaya a "ya suma". Minti nawa ya yi bai amsa kira ba? Ya yi amai? Yana tuna abin da ya faru? Haka za ka zayyana in ka kira 112, amma fara da inda kuke da alamar da motar asibiti za ta gane, kamar masallaci ko gidan mai.