"Ni ƙwararriya ce": me ya sa ta yi nauyi a baki?

Tambaya: Malam, ni ungozoma ce a Zariya, shekarata 12 ina aiki. An nemi taƙaitaccen tarihina da Turanci da Hausa don wani taro. Da na mayar da na Turancin Hausa, sai ya fara da "Ni ƙwararriya ce mai tarin nasarori." Na karanta wa Innata, ta ce yabon kai jahilci. Ina gyaran yake?

Amsa: Malama, Inna ta ji daidai. Bature ya saba mutum ya siffanta kansa a takardar aiki, ba ya jin komai. A wurinmu kuwa, siffar yabo daga bakin wani take fitowa. Mai yi wa kansa kirari shi ne ɗan dambe ko mafarauci, shi ma a fage, ba a zauren taro ba.

Don haka ki fara da sauya mai magana. Ki rubuta kamar mai gabatarwa ne ke faɗa: "Malama Wance ungozoma ce." Daga nan ki cire siffar, ki sa aikin da ya jawo ta: "Ta shekara 12 tana karɓar haihuwa a Zariya, kuma tana horar da sababbin ungozomomi," in har kina yi. Wanda ya ji haka shi zai ce ƙwararriya ce da bakinsa.

In kuma dole sai an sa siffa, a zaɓa da lura, domin kalmomin ba ɗaya ba ne. Ƙwarewa iya aiki ce har hannu ya faɗa. Gogewa daga goga take, wato daɗewa ana gwagwarmaya da aikin, an ga mai sauƙi an ga mai wuya. Ita ta fi dacewa da shekarunki. Masaniya mai ilimin abu ce, ko da ba ta taɓa riƙe jariri ba. Gwani kuwa ina jin nauyinsa ƙwarai, domin a tsangaya laƙabi ne na wanda ya kai maƙura a haddar Alƙur'ani. Ba na son ganin an liƙa shi a kowace takarda.

Ki kula da komawa Turanci ma, nan ne aka fi yin asara. Bahaushiya takan ce "ina ɗan taɓa koyarwa," alhali ta shekara biyar a aji. Wannan "ɗan" kunya ce, kowa a nan ya gane. In aka fassara shi yadda yake, Bature zai ɗauka aikin sa-kai ne na lokaci-lokaci. A can sai ki faɗi shekarun da sunan kwas ɗin kai tsaye. "Malama" ma kada a mayar da ita mai koyarwa, girmamawa ce. A bar ta yadda take ko a cire.

In kin gama na Hausar, ki sake karanta wa Inna da babbar murya.