Ɗana yana kwana tari idan muna Legas, amma a Kano lafiya ƙalau

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara shida yana kwana tari da atishawa, hanci a toshe, wani lokaci ƙirjinsa har ƙara yake yi, amma da rana sai ya warware. Idan muka je Kano hutu ba ya yi. Likita ya ce asma ce, kuma ƙwarin ƙura na cikin katifa da bargo ne ke tayar masa. Na duba katifar ban ga komai ba. Shin in kira masu feshi ne, ko in sake katifa? Muna zaune a Agege."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaronmu lafiya. Don girman Allah kada ki kira masu feshi, domin abin da ya kusa raba ni da 'yata ke nan a nan Idi-Araba, kuma ita ma haka ciwonta ya faro, tarin dare da atishawar asuba, sannan sauƙi duk lokacin da muka je gida Arewa.

Ba za ki taɓa ganin ƙwarin ƙurar nan da ido ba, saboda tsawon ɗaya bai kai rabin milimita ba, sai da madubin likita. Ba kuɗin cizo ba ne, ba sa cizo, ba sa shan jini, kuma kasancewarsu a gado ba alamar ƙazanta ba ce, duk da cewa akwai masu gaya miki haka a fakaice kamar yadda aka sha gaya mini. Abincinsu shi ne ɓurɓushin matacciyar fata da ke zuba daga jikin kowane mutum yayin da yake barci, shi ya sa matattararsu ita ce katifa da filo da bargo. Abin da ke cutar da yaron kashinsu ne da gutsattsarin gawarsu. Kowane ɗaya yana yin kashi kusan sau 20 a rana, kuma idan yaro ya juya a kan gado ko ya cusa fuskarsa cikin filo sai wannan garin ya tashi ya shiga hancinsa. Ga wanda jikinsa ya ƙi jinin abin, hanyoyin iska na huhunsa sai su kumbura su tsuke su tara majina, daga nan tari da ƙarar ƙirji. Garin yana da ɗan nauyi, ba ya daɗewa a iska, cikin kamar rabin awa ya koma ƙasa, shi ya sa za ki ga yaro yana wasa da rana lafiya lau, sai ya kwanta abin ya taso.

Maganar Kano da kika yi ita ce ta sa na ga kamar labarina nake karantawa. Waɗannan ƙwarin ba sa shan ruwa, daga laimar iska suke tsotsar abin da suke rayuwa da shi. Idan laimar ta haura kashi 70 cikin ɗari sai su hayayyafa, idan ta daɗe a ƙasa da kashi 50 sai su bushe su mutu. Legas kuwa mafi yawan watanni tana kusan kashi 80 ko fiye, balle a Yuni da Yuli lokacin da shanya ke kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. Mutanen gida suna mamaki idan na ce ƙurar hunturun Kano ta fi wa 'yata sauƙi a kan ɗakinmu na Legas da nake gogewa kullum, amma gaskiyar ke nan a wajenta. Ban ce haka kowane mai asma yake ba, akwai waɗanda hazo da sanyin hunturu ke kayar da su.

Abin da ya faru da mu shi ne, mai gidan da muke haya ya kawo wani mai feshi saboda ƙorafin kyankyaso da maƙwabta suka yi, aka karɓi kuɗi a hannun kowa. Na fito na gaya wa mutumin cewa ina da yarinya mai asma, ya yi dariya ya ce ai maganinsa ne ma zai warkar da ita, tunda yana kashe duk wani ƙwaro har wanda ba a gani. Ina kitso a maƙwabta ya shiga ɗakin da iznin mai gida, ya jiƙe katifar yarinyar da gefen filonta da wani ruwa daga jarka marar suna, ya ce a rufe taga awa biyu sannan a buɗe. Daren nan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen tsakar dare na farka na same ta zaune ta dafa gwiwoyinta, ramin wuyanta yana lotsawa duk jan numfashi, fatar tsakanin haƙarƙarinta tana shigewa ciki. Na tambaye ta me ke damunta, ta kasa haɗa kalma biyu, sai "Umma" kawai take iya cewa ta tsaya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙarar ƙirjin ta ragu alhali wahalar ta ƙaru, kuma daga baya likita ya ce mini wannan shirun ya fi ƙarar haɗari, domin yana nufin iskar ma ba ta shiga sosai. Babanta ya saɓa ta a kafaɗa, ruwan kwata ya shafe layinmu har ƙauri, babu keke babu okada, sai wani bawan Allah mai shayi ne ya tayar da ƙaninsa mai mota. A asibiti an sa mata oksijin da nebulaiza, na'urar da ke mayar da magani tururi a shaƙa, har gari ya waye. Da na dawo na tunkari mai feshin, ko sannu bai ce ba, cewa ya yi wai dama yarinyar raguwa ce, mai gidan kuma ya ce idan ban ji daɗin gidan ba ƙofa a buɗe take. Har yau idan na hango mutumin da tankinsa a baya yana wucewa sai raina ya ɓaci. Kuma abin takaicin, ko da feshin ya kashe na saman katifar, bai kai can cikin soso ba, kashin da ke tayar da ciwon kuma yana nan inda yake.

Game da sake katifa, idan taki ta tsufa ƙwarai, ta sha fitsarin yara tana warin laima, ki sake. Amma sabuwa ma cikin 'yan watanni za su cika ta a wannan garin idan aka bar ta a buɗe. Abin da ya yi mana aiki shi ne rufe katifar ruf, sama da ƙasa da gefe. Akwai rigar katifa mai zif da ake yi musamman don haka, saƙarta ta matse har garin ba ya iya fita, sai dai tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba. Ni tela na kai wa katifar ya ɗinka mata riga da ledar nan mai kauri irin ta gadon asibiti, ya sa zif, na liƙe bakin zif ɗin da salatif. Tana sa gumi, ba zan ɓoye miki ba, don haka nake shimfiɗa zannuwan auduga biyu a kai, ina goge ledar da jiƙaƙƙen tsumma duk ranar wanki. Idan ta tsage ko da kaɗan ne a liƙe wurin nan take. Filo kuwa ya fi katifa muhimmanci tunda a kansa hanci yake kwana. Kada ki sa masa leda saboda haɗarin toshe numfashin yaro, ki nemi rigar filo ta musamman, ko ki saya masa ƙaramin filo mai wankuwa. Kuma ki ɗaga katifar daga kan siminti, ko da kan katako ne, iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinta.

Wanki shi ne inda yawancinmu muke wahala a banza. Ruwan sanyi da omo yana fitar da mafi yawan kashin, amma ƙwarin da yawa suna tsira su ci gaba. Ruwa mai zafin digiri 60 ne ke kashe su. Tunda ba injin wanki gare ni ba, ina tafasa ruwa in haɗa shi da na famfo daidai wa daida, tukunya ɗaya ta tafasasshe da tukunya ɗaya ta na sanyi, wanda ke ba da zafi sama da 60 kaɗan. Ina danna zannuwan gado da rigunan filo a ciki da muciya, in rufe bahon kamar minti 15, sannan in wanke yadda aka saba. Ki kori yara daga wurin kafin ki fara, wannan ruwan yana ƙona fata. Kowane mako ake yi, kuma kada a mayar da zani kan gado sai ya bushe ƙayau.

Bargo mai gashi, musamman irin na gwanjo da muke kwasowa a Katangowa, ni dai na cire shi gaba ɗaya daga gadon 'yata. Wanke shi aiki ne, bushewarsa da damina wani aikin ne, kuma sanyin Legas bai kai a ce sai da shi ba, zani mai kauri ya isa. 'Yar tsanar da take runguma ina ɗaure ta a leda in kai firizar mai ƙanƙara ta kwana ta wuni, sannan in wanke ta, domin sanyin yana kashe ƙwarin ne kawai. Haka ma shanya katifa a rana tana taimakawa idan ranar ta yi ƙarfi ta daɗe, amma idan za a kakkaɓe ta yaron ya yi nisa da wurin. Kafet ɗin ɗakin barci ya tafi, na sa ledar ɗaki, na daina shara da busasshiyar tsintsiya idan tana ciki. Turaren wuta kuma, wanda rabuwa da shi ya fi komai yi mini ciwo, yanzu a tsakar gida nake turara kayana, maganin sauro mai hayaƙi kuwa gidan sauro ya maye gurbinsa, shi ma ana wanke shi.

Kada ki ɗauka duk wannan zai maye gurbin magani. Rufe katifa kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa matakan an dage a kansu, kuma sauƙin a hankali yake zuwa, mu sai da muka shafe watanni kafin tarin asuba ya ja baya. Shuɗiyar inhela ta salbutamol buɗe ƙirji take yi na 'yan awanni, ba ta magance kumburin. Idan yaron yana buƙatarta fiye da sau biyu a mako, ko tari yana tayar da shi cikin dare, ki koma wajen likita ki yi maganar inhelar rigakafi da ake shaƙa kullum ko yana lafiya, a kuma koya miki amfani da sifesa, robar nan da ake maƙala wa inhela don maganin ya isa huhun yaro. Ki guji ƙananan fararen ƙwayoyin da wasu masu kemis ke ƙullawa a leda ba suna, sau da yawa irin su prednisolone ne, suna kawo sauƙi da wuri amma shansu na dogon lokaci ba bisa umarnin likita ba yana kumbura fuska ya taɓa girman yaro. Daga Agege asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja ya fi miki kusa, ki nemi a tura ku ɓangaren yara, ki kuma tambaya game da gwajin fata da ake ɗiga ruwan ƙwarin a hannu a ɗan soki fatar, cikin minti 15 zuwa 20 a ga ko wurin ya tasa, domin kyankyaso da funfunar bango su ma suna tayar da irin wannan ciwon. Idan kuma kika ga ya kasa magana, ko leɓensa ya canja launi, ko inhelar ba ta yi aiki ba, ki ci gaba da shaƙa masa ita a kan hanya, ku nufi asibiti mafi kusa ko ƙarfe nawa ne.