Kada ka ba dillali mabuɗin asusunka don neman arahar wasa

"Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina aiki a Jamus, kuma ina da asusu a Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, wanda na tara wasanni a cikinsa tun kafin in fito. Ƙanena ya haɗa ni da wani mutum da ya ce zai mayar da asusun zuwa ƙasar da wasa ke da araha, mu riƙa saye muna amfani da shi tare, amma sai na ba shi kalmar sirrina. Da na yi jinkiri, ƙanen nawa ya kai ƙara wurin mahaifiyarmu cewa na zama marowaci. Ni tsorona kada a rufe asusun. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jinkirin da ka yi shi ne daidai, kuma ina roƙonka kada ka tura wa mutumin nan komai, ko da kuwa lambar tabbatarwar nan ce ta Steam Guard da ke shigowa wayarka.

Bambancin farashin da ƙanenka ya gani gaskiya ne. Kamfanin da ya yi wasa shi ke yanke kuɗinsa a kowane yanki, Valve mai Steam kuma shawarar farashi kawai yake ba shi. Tun da yake kwafin wasa ba kaya ba ne da ake ɗorawa a jirgi, gara su sayar da rahusa inda albashi bai taka kara ya karya ba da a ce babu wanda ya saya. To amma an yi rahusar ne domin mazauna can, shi ya sa aka ɗaure kowane asusu da ƙasa guda. Adireshin intanet kaɗai ba ya sauya wannan ƙasa. Sai an kammala ciniki da hanyar biyan kuɗi ta sabuwar ƙasar, kuma ba a sauyawa fiye da sau ɗaya a cikin wata uku. Yarjejeniyar da ka amince da ita ranar da ka buɗe asusu ta haramta ɓoye inda kake zaune domin samun farashin wani yanki, ta kuma ba kamfanin ikon rufe asusun wanda ya yi haka. Abin da ka biya wa kuɗi izinin amfani ne da ke rataye a jikin asusun, saboda haka ranar da aka rufe shi, wasannin shekara da shekaru sun tafi tare da shi.

Yanzu ka duba abin da dillalin zai yi da hannunsa. Zai shiga asusunka ta na'urar da ke nuna tana wata ƙasa, ya sayi wani ɗan ƙaramin wasa da katin bankin can, shi ke nan ƙasar shagonka ta juya. Mu ƙaddara wasan da kake so yuro 60 ne a wurinka, a can kuma daidai da yuro 35. Ka ga rarar yuro 25, amma katinka na bankin Jamus ba zai yi maka ciniki a farashin can ba, domin shagon na neman hanyar biya ta ƙasar da asusun yake. Dole ka koma wa dillalin ya zuba maka kuɗi, ya cire ladarsa, ya kuma yi maka canji yadda ya ga dama, kuma na tsawon wata uku ba ka da hanyar komawa ko da ka yi nadama a daren farko. Ita ma arahar ba ta da tabbas. A watan Nuwamba na 2023 Steam ya daina sayarwa da kuɗin Turkiyya da na Ajantina, ya mayar da su dala saboda yawan hawa da saukar darajar kuɗaɗen, kuma wasanni da yawa suka yi tsada a dare ɗaya. Waɗanda suka kai asusunsu can don neman sauƙi sun wayi gari da asusu a ƙasar da ba su taɓa takawa ba, sauƙin kuma ya ragu ƙwarai.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Idan asusu ya ɓace wa mai shi, abin da masu kula da shagon ke tambaya shi ne shaidar ciniki, wato irin katin da aka taɓa biya da shi, sunan da ke kansa, adireshinsa da lambobinsa huɗu na ƙarshe. Duk wanda ka bari ya yi ciniki a asusunka da katinsa, ka damƙa masa irin wannan shaida. Na san wani matashi da ya bi ta hannun irin wannan dillali, bayan 'yan watanni ya tarar an sauya adireshin imel da lambar wayar asusun, ya shafe makonni yana tono tsofaffin rasitai kafin ya karɓo kayansa. Wani kuma kuɗin da aka zuba masa ashe daga katin sata suka fito. Da mai katin ya kai kuka banki aka janye kuɗin, sai aka kwashe wasannin aka taƙaita asusun, dillalin kuwa lambarsa ta daina shiga. Alamarsu ɗaya ce koyaushe: suna neman kalmar sirri da lambar tabbatarwa, suna son a biya su ta hanyar da kuɗi ba ya dawowa, kuma ba za su taɓa faɗa maka katin wa suke amfani da shi ba.

Sauya ƙasa na halal yana nan, kuma kai ya shafa. Ka shiga Account Details ka duba ƙasar da aka rubuta. Idan har yanzu ta dā ce, ka danna Update store country, ka yi ciniki da katinka mai sunanka da adireshin da kake zaune. Ƙasar asusu, da katin banki, da wurin kwananka su zama abu ɗaya, yadda dai kake kula da sauran takardunka. Idan kuma kana da PlayStation, ka sani cewa can ba a sauya ƙasar asusu sam bayan an buɗe shi, katin kuɗin da aka saya don wata ƙasa kuma ba ya shiga asusun wata.

Game da ƙanenka, ina bayanka. Ba rowa ba ce mutum ya hana baƙo mabuɗin ɗakinsa, kuma bai kyautu yaro ya ɗauki maganar wasa ya kai wa uwa a matsayin yanke zumunci ba, alhali ya san ba za ta iya tantance abin da ake jayayya a kai ba. Na tabbata akwai ɗawainiyar gida da kake yi wadda ta fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Ka kira Mama da kanka, ka faɗa mata cikin ladabi cewa abin da aka nema ya yi kama da ba wa wanda ba ka sani ba lambar sirrin katin banki, za ta gane.

Sannan ka yi wa yaron abin da ya fi nasa dabarar. Ya buɗe asusunsa da sunansa a ƙasar da yake zaune, inda farashin yankinsa haƙƙinsa ne ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ku zama abokai a Steam, bayan kwana uku za ka iya tura masa katin kyauta na dijital, kuɗin su shiga asusunsa a irin kuɗin da shagonsa ke amfani da shi, ya sayi abin da yake so. Kyautar wasa kai tsaye ma galibi tana tafiya daga yanki mai tsada zuwa mai araha, akasin haka ne shagon ke toshewa idan tazarar farashin ta yi yawa. Ka yanke masa adadin da za ka iya, ka faɗa masa tun yanzu sau nawa zai samu a shekara. Idan kuwa ka riga ka tura wa dillalin wani abu, yau ɗin nan ka sauya kalmar sirrin asusun da ta imel ɗinka, ka fitar da duk na'urorin da aka shiga da su, ka kuma duba tarihin cinikinka ko akwai abin da ba kai ka saya ba.