Sabon maikiroskof zan saya ko ma'aunin ido?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina gwajin bahaya a wani ƙaramin asibiti. Ƙwan tsutsotsin ciki, wato na hukwam da na askaris, suna rikita ni. In nemi sabon maikiroskof, ko ma'aunin da ake sawa a madubin ido ya isa?

Amsa: Malama, idan maikiroskof ɗinki yana nuna abu tangaran a madubin 10 da na 40, ki bar shi. Sayi ma'aunin, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma ki haɗa da gilashin daidaita shi, domin sai an gwada kowane madubi kafin a san maikiron nawa ne a layi ɗaya na ma'aunin. A madubin 40, galibi layi ɗaya kusan maikiron 2.5 ne.

Sai dai awo kaɗai ba zai raba miki gardamar nan ba. A ce kin ga ƙwai mai tsawon layi 26, faɗi 16, wato maikiron 65 da 40. Ƙwan hukwam yakan kai 60 zuwa 75 a tsawo, na askaris mai ɗa kuma 45 zuwa 75. Kin ga duka biyun sun shiga. Ɓawo ne zai faɗa miki gaskiya.

Na askaris ɓawonsa kauri gare shi, ruwan ƙasa, da ƙuraje-ƙuraje a baya. Matsalar tana zuwa idan wannan rigar ta waje ta saɓule, ƙwan ya fito sumul ba launi. A nan na sha ganin ɗalibai sun rubuta hukwam, abin yana damuna ƙwarai. Ki juya ƙaramin makunnin daidaita gani a hankali. Askaris ko ya tuɓe riga ɓawonsa na nan da kauri, kuma abin cikinsa dunƙule ɗaya ne bai rabu ba. Hukwam kuwa ɓawonsa siriri ne kamar an ja layi da fensir, cikinsa ya riga ya rabu gida 4 zuwa 8, da fili fes tsakaninsa da ɓawo. Idan kika ga dogon ƙwai mai kai 85 zuwa 95, cike da ɗigo-ɗigo barkatai, askaris ne marar ɗa.

Ƙwan tirikuris, wata tsutsar cikin, ba ya ɓuya: 50 zuwa 55 a tsawo, siffarsa kamar ganga, da toshiya mai haske a baki biyu. Kada ki tsallake shi a rahoto, domin maganin albendazol sha ɗaya ba ya cika kashe tsutsar.

Idan gwajin Kato-Katz mai amfani da giliserin kike yi, ki duba gilashin cikin minti 30 zuwa 60. Giliserin yana sa ƙwan hukwam ya dusashe ya ɓace, askaris da tirikuris kuwa suna nan daram, sai ki ba mai ƙarancin jini sakamakon da babu hukwam a ciki.