Asusun da ya doke kasuwa, amma bai biya haɗarinsa ba

Tambaya: Salam Malam, ni ɗan kasuwar shinkafa ne a Birnin Kebbi. Na sa kuɗi a asusun zuba jari guda biyu bara, na farko ya ba ni ribar 31%, na biyu 27%, kasuwar hannun jari kuma an ce ta yi 30%. In kwashe na biyun in mayar na farko?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, dakata tukun, sai ka san beta ɗin kowanne. Beta awo ne na yadda jari ke bin motsin kasuwa, ita kasuwa beta ɗinta 1, mai 1.5 in kasuwa ta hau ko ta faɗi da 10% shi yakan motsa wajen 15%.

Ka nemi takardar da manaja ke fitarwa mai nuna inda ya zuba kuɗin. Ɗauka misali na farkon ya sa 60% a hannun jarin bankuna masu beta 1.5, 30% a siminti da sadarwa masu beta 1, sauran 10% tsabar kuɗi ne, beta sifili. Kowane kaso ka ninka shi da betarsa ka tara: 0.9 da 0.3 da 0, ya ba ka 1.2. Amma fa kason da darajar yau ake lissafa shi ba farashin da aka sayo ba, nan mutane ke yawan tafka kuskure.

Sai ribar da ya wajaba ya kawo:

```
R = Rf + beta × (Rm − Rf)
alfa = ribar asusu − R
```

Rf ribar da za ka samu kana kwance ba haɗari, kamar takardun bashin gwamnati na shekara ɗaya (mai gudun ruwa ya duba sukuk na gwamnatin tarayya), mu ce 18%. Rm ta kasuwa ce, 30% ɗin nan taka. Tazarar da ke tsakaninsu 12, sau 1.2 ya zama 14.4, ka ɗora kan 18, ka ga 32.4% kenan ake binsa. Shi kuma 31 ya kawo, alfa ɗinsa −1.4, wato ya wuce kasuwa amma bai biya ka haɗarin da ya ɗora maka ba.

Na biyun in betarsa 0.6 ce, ana binsa 18 da 7.2 wato 25.2%, ya kawo 27, alfa +1.8. In haka lissafinka ya fito wallahi ni ba zan taɓa shi ba.

Ka tabbatar dai ribar bayan an cire kuɗin manaja ce, kuma alƙaluman NGX All-Share Index, wato ma'aunin kasuwar hannun jarin Najeriya, farashi kawai suke aunawa, ba su haɗa rabon riba da kamfanoni ke biya ba, in ba ka ƙara shi a Rm ba alfa zai kumbura a banza. Hannun jarin da ba a cika cinikinsu ba su ma betarsu kan fito ƙarama don farashin na kwana a wuri ɗaya ne kawai. Kuma shekara ɗaya kamar damina ɗaya ce, ka nemi na shekara uku zuwa biyar ka maimaita lissafin kafin ka motsa ko kwabo.