Fanel uku na wat 550 a kan inbata mai ɗaukar bolt 145

Salamu alaikum Usta, ga hoton takardar bayan fanel ɗin: Pmax 550W, Vmp 41.96V, Imp 13.11A, Voc 49.9V, Isc 14A. Mai gidan guda uku ya saya, batirinsa biyu ne a kan bolt 24, inbatar kuma an rubuta mata Max PV Voc 145V. Na buga 42 sau uku ya ba ni 126, ai bai kai ba, gobe in jera su duka ukun?

Wa alaikumus salam ɗana. A'a kar ka jera su, don Allah dakata, lambar da ka ɗauka ba ita ake gwadawa da 145 ɗin nan ba. Vmp bolt ne na lokacin da fanel yake cikin aiki, inbata tana jan wuta daga gare shi shi kuma ya ɗan rusuna. Voc kuwa bolt ne na lokacin da ba abin da ke jansa, kuma wannan lokacin kullum sai ya zo, da sassafe rana ta bugi fanel inbata ba ta fara caji ba tukuna, ko da rana batir ya cika ta daina ja. Toh a nan duk bolt ɗin yake tsayawa a bakin inbatar. Buga 49.9 sau uku, 149.7 kenan, ka ga tun a takarda ma ka wuce.

Kuma wannan 49.9 ɗin a ɗakin gwaji aka same shi, ka duba ƙasan takardar za ka ga STC, 1000W/m², 25°C, wato hasken rana cikakke kuma jikin fanel ɗin kansa yana kan digiri 25. Fanel in ya yi sanyi bolt ɗinsa hawa yake, kusan kashi 0.3 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya da ya sauka. Sanyinmu na Gadarif bai kai na su Dongola ba, amma ni da digiri 10 nake lissafi don gilashin da ya kwana a waje a watan Janairu ya fi iska sanyi da asuba. Digiri 15 kenan ƙasa da na takarda, kowane fanel ya koma wajen bolt 52, ukun su kai 156. Abin da yake cutar mutane shi ne haɗin nan yana iya yin makonni yana aiki lafiya lau a lokacin zafi, saboda zafi ya danne bolt ɗin ƙasa da 145, mai gida yana ta sa maka albarka, sai sanyi ya shigo wata safiya inbata ta kama ƙara tana nuna bolt ɗin sola ya yi yawa, in an yi sa'a kenan, in ba a yi ba ɓangaren cajin ya ƙone, za ka ga tana ba gida wuta daga batir amma rana tsaka ba amfiya ko ɗaya da ke shiga. Mai shago kuma ba zai karɓa ba wallahi, yana buɗewa zai gane.

Biyu za ka jera, fulos na wannan ya shiga mainos na wancan. Bolt ya haɗu, amfiya ta tsaya a 13 ɗinta. Voc ya zama 99.8, da sanyi 104, akwai sarari sosai. Cikin aiki kuma wajen 84, da zafin rana ya sauko wajen 73, sai ka duba layin da aka rubuta MPPT range a jikin inbatar, wato tazarar bolt ɗin sola da take iya caji da shi, irin waɗannan na bolt 24 yawanci 30 zuwa 115 ne, ka ga muna tsakiya. Turo min hoton nata takardar ita ma in gani da idona.

Na ukun fa? Kar ka kuskura ka liƙa shi a gefen biyun nan, layi ɗaya bolt 84 ɗaya 42, ba sa zama tare, za su tura wuta ta baya cikin guda ɗayan. Wasu sai su haɗa duka ukun fulos da fulos, mainos da mainos, bolt ya tsaya 42 amfiya ta kai 39. Yana aiki, amma ni ba na so, don sai waya mai kauri sosai daga rufi har ɗaki, sai fiyus a kan kowane fanel, kuma da zafin azahar bolt ɗin yana sauka wajen 37, ya matso kusa da 28.8 da batir yake nema ya cika, in waya ta ci nata rabon sai caji ya riƙa yin rauni daidai lokacin da ake buƙatarsa. Abin da zan yi da ni ne, in saya masa ƙaramar kwanturola MPPT ta amfiya 30 mai ɗaukar bolt 100, fanel na uku ya bi ta cikinta shi kaɗai zuwa batiran nan dai. Wat 550 a raba da bolt 28 amfiya 20 ne, ta ishe shi. Ka daidaita bolt ɗin cajinta da na inbatar ya zama iri ɗaya.

Yanzu maganar 550 ɗin, don kar ka yi wa bawan Allah alkawarin da rufinsa ba zai cika ba. A watan Afrilu ka ɗora tafin hannunka a gilashin fanel da azahar, ba za ka iya barinsa ba, jikinsa yana kai digiri 65. Digiri 40 kenan sama da na takarda, kuma ƙarfi yana raguwa kusan kashi 0.35 a kowane digiri, kashi 14 ya tafi, saura wat 470 da ɗan wani abu. Ƙura ta ɗauki nata, musamman bayan guguwar habub in ba a wanke ba, waya da kwanturola su ɗauki nasu. In ka ga 400 zuwa 430 daga fanel ɗaya to lafiyarsa ƙalau, ba jabu ba ne. Ni a lissafin yini ina ɗaukar awa biyar da rabi na cikakkiyar rana in cire kashi ɗaya cikin huɗu, fanel ɗaya ya ba ni kilowat-awa biyu da kwata, biyu huɗu da rabi, uku kusan bakwai. Gida mai firij ɗaya, fanka uku ta sama tana juyawa awa goma, talabijin da ƙwayayen fitila yana cin wajen huɗu. Ka ga da biyu ƙyar-da-ƙyar ne, ranar hadari a damina sai batir ya kwana bai cika ba, shi ya sa na ukun yana da amfani, ba asara mai gidan ya yi ba. Amma na'urar sanyaya ɗaki ko murhun lantarki ka faɗa masa tun yau babu su a wannan lissafin.

Isc ɗin nan 14 kuma, wato amfiyar da fanel yake bayarwa in wayoyinsa biyu suka haɗe kai tsaye, da shi ake zaɓar waya da fiyus. Ƙara masa kwata, 17.5, sai ka sa fiyus ko bireka ta amfiya 20, kuma ta DC, ba irin ta gida da muke sa wa fanka ba, waccan ba ta iya kashe tartsatsin DC, narkewa take. Waya mai milimita 6 ta sola za ka ja in nisan ya kai mita goma sha, kuma a cikin bututu saboda rana da ɓeraye.

Gobe kafin ka hau da su rufi, fito da kowanne rana shi kaɗai, sa mita a kan DC ka auna bakin wayoyinsa biyu, ya kamata ka ga tsakanin 45 da 50, wanda ya ba ka wajen 30 akwai matsala a akwatin bayansa, ajiye shi a mayar. Kar ka auna Isc da ƙaramar mitarka, iyakarta amfiya 10, bari in zo da mai maƙalewa. Bayan ka jera biyun sake aunawa a ƙasa wurin bireka, ka ga 90 da wani abu kuma fulos yana inda ya kamata. Batir ake fara haɗawa, sannan sola, in za a kwance kuma sola ake fara kashewa, kuma kar ka zare MC4, mahaɗin da ke bakin wayoyin fanel, wuta tana gudu a ciki. Bolt 100 na DC yana iya yi wa mutum illa, hannu a bushe, takalmi a ƙafa. Ka bar birekar a kashe har in iso bayan la'asar insha Allah.