Koken 'yan haya: yadda za ka rubuta wa manajan gida

Tambaya: "Ina da shago a ƙasan wani bene mai sassa 6. Manajan gidan ya ɗora mini tattara koken 'yan haya, yana rage mini kuɗin haya. Saƙonni na zuwa barkatai ta WhatsApp, wasu na murya, wasu cike da faɗa. In na tura masa sai ya yi shiru. Yaya zan yi?"

Malam, daina tura masa saƙon murya yadda ya zo. Mai kula da gidaje da yawa ba zai zauna sauraron minti 4 na ɓacin rai don ya tsinci jimla ɗaya ba. Kai za ka saurara, ka fitar da abu huɗu: sashen da abin ya shafa, abin da aka gani da ido, ranar da ya fara, da ranar da aka fara sanar da kai. In ɗaya ya ɓace, kira mai koken ka tambaya, ka kuma ɗauki hoto.

Ɗauki misali. Sashe na 5 ya ce ruwa ba ya hawowa tun Litinin. Sashe na 2 ya ce bangon banɗakinsa ya jiƙe, ya haɗa da zagin maƙwabcin sama. Wani kuma na kukan katin wutar injin ruwa ya ƙare cikin kwana 10, alhali da yana kai wata. In ka tura su a rarrabe, manaja zai ɗauka ƙananan matsaloli uku ne. Amma in ka jera su, za ka ga suna iya zama abu guda: bututun da ke kai ruwa tanki ya fashe cikin bango, inji na ta aiki, tanki ba ya cika.

Sai ka rubuta: "Laraba, 12 ga wata. Sashe na 5 babu ruwa tun Litinin. Bangon banɗakin sashe na 2 ya jiƙe, ga hoto. Katin injin ruwa ya ƙare a kwana 10. Zatona bututu ne ya fashe, mai gyaran famfo bai duba ba tukuna. Na kashe injin. Ina neman izinin kiran mai gyara kafin Juma'a."

Lura da kalmar "zatona". A nan mutane ke jawo wa kansu rigima: ɗan haya ya ce maƙwabci ne ya fasa, kai kuma ka rubuta kamar tabbas. Kalmarka ce za ta iya sa a caji wanda bai ji ba bai gani ba. Zagin ma ka bar shi a wayarka.

Batun kuɗi kuwa, kada ka biya gyara daga aljihunka, kada kuma ka ce wa ɗan haya ya gyara a cire a kuɗin haya, sai manaja ya amince a rubuce. Kawo masa farashin masu gyara biyu, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, ka ajiye rasit.